Kalmomin sirri bayan an wanke kwamfuta: me ke dawowa, me ke tafiya har abada?

A Damagaram, daga ɗaliban Jami'ar André Salifou har masu gyaran na'ura na kewayen Kasuwar Dole, zance biyu ke yawo. Wasu sun ce da zarar an sabunta burauza ko an wanke kwamfuta, shafukan da mutum ya yi wa alama da kalmomin sirrinsa sun tafi ke nan. Wasu kuma sun ce ko kaɗan, kwafe tsofaffin fayiloli kawai za a yi komai ya dawo. Kowane ɓangare rabin gaskiya ya riƙe.

Zance na farko ƙarya ne idan burauzar kaɗai aka taɓa. Maɓallin Réparer Firefox ba ya share alamun shafuka ko kalmomin sirri, har ma yana ajiye tsohon rumbun bayanan burauzar a fuskar kwamfuta da sunan Anciennes données de Firefox. Mayar da saitunan Chrome yadda suka zo shi ma yana barin su.

A ɗauka wata ɗaliba ta kai kwamfutarta gyara, mai gyara ya kwashe kayanta a wani faifai kafin ya sake ɗora Windows. Tsohon rumbun Firefox yana cikin abin da aka kwaso daga nan:

```
%APPDATA%\Mozilla\Firefox\Profiles
```

Sai ta rufe Firefox, ta ɗauko places.sqlite, inda alamun shafuka suke, ta sa a sabon rumbu. Kalmomin sirri kuwa fayil biyu ne, logins.json da key4.db. Na farko akwati ne, na biyu makullinsa, kuma nan ne aka fi tuntuɓe: a ɗauki akwati a bar makulli, a buɗe about:logins a tarar babu komai. In ta taɓa sa babbar kalmar sirri a Firefox, dole sai ta tuna ta.

A Chrome ne zance na biyu ke rushewa. Fayil ɗin Bookmarks rubutu ne a fili, yana dawowa lafiya. Amma Login Data a kulle yake da makullin da ke ɗaure da tsohon asusun Windows, wanda wankewar ta tafi da shi. Ko an kwafo fayil ɗin, sabuwar Windows ba ta buɗe shi. Abin da ke ceton mutum shi ne in dama kalmominsa suna ajiye a asusun Google. Sai ya duba passwords.google.com.

Wanda bai haɗa asusu ba, ya fitar da kalmominsa a fayil ɗin CSV tun kafin ya miƙa kwamfutar. Sai dai duk wanda ya buɗe wannan fayil zai karanta su a sarari, don haka ya riƙe shi a hannunsa, ya goge shi da zarar ya mayar da su.