An Goge P0420, Fitila Ta Mutu, Amma Mota Ba Ta Warke Ba

A ɗauka wani malamin makaranta a Gwandu ya je Kalgo sayen Corolla ta 2008. Ya tada injin, fitilar cek ta mutu, dila ya ce mota lafiya lau, aka yi ciniki. Bayan kwana biyu, yana kan hanyar Birnin Kebbi, sai ga fitilar ta dawo. Bakanike ya sa na'ura, ta nuna P0420. Ba sabon ciwo ba ne. Goge shi aka yi kafin a kai motar kasuwa.

Lambar tana nufin matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ta gaza. Kwamfutar mota tana gane haka ta sensa biyu masu auna iskar oksijin, ɗaya kafin matatar, ɗaya bayanta. A motoci da yawa, ta gaba kullum cikin hawa da sauka take, tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Ta baya kuwa, muddin matatar na aiki, sai ta natsu a wajajen 0.6 zuwa 0.7. Da zarar ta fara kwaikwayon rawar ta gaba, kwamfuta ta san hayaƙi na wucewa ba tacewa.

To me ya hana fitilar dawowa nan take? Kwamfutar ba ta yanke hukunci sai ta yi gwaji, kuma gogewa da na'ura, ko cire kan batir a yawancin motoci, yana share sakamakon gwaje-gwajen baki ɗaya. Gwajin matatar yana bukatar injin ya yi zafi sosai, motar kuma ta yi mintuna tana tafiya da gudu ɗaya. Ko ta faɗi a karon farko, kwamfuta ajiye lambar take a ɓoye, sai ta sake faɗuwa a tafiya ta biyu sannan ta kunna fitila. Motar da aikinta daga gida zuwa kasuwar Gwandu tana iya yin makonni gwajin bai kammala ba.

Duk wannan a bayyane yake a shafin I/M Readiness, wanda har ƙananan na'urorin OBD-II ke nunawa. Da malamin ya sa an duba a Kalgo, da ya ga kusan haka:

```
MIS  OK
FUE  OK
CAT  INC
O2S  INC
EVAP INC
```

INC na nufin gwajin bai kammala ba. Uku a jere, a motar da aka ce kullum tana kan titi, shaida ce ta gogewar kwanan nan. Motoci da yawa ma suna ajiye adadin kilomitar da aka yi tun bayan gogewa. Idan ya nuna 12, magana ta ƙare.

Saboda irin wannan dabara ne Amurka, inda OBD-II ya zama dole tun 1996, ta ɗaure awon hayaƙi da wannan shafi. Ƙa'idar hukumar EPA ta yafe gwaji biyu marasa kammaluwa ga motocin 1996 zuwa 2000, ɗaya tak ga na 2001 zuwa sama. Wanda ya goge a ƙofar wurin awo gida za a mai da shi. A Najeriya, hukumar NESREA tana da dokar hayaƙin ababen hawa tun 2011, kuma inda awon na bakin salansa ne, gogewa ba ta rage ko ɗigon guba.

Don gwaje-gwajen su kammala bayan gyara, a kwana da motar a kashe, mai a tanki tsakanin kwata da kwata uku. Da sassafe a tada ta, a bar ta mintuna biyu ko uku, sannan a hau titi mai kyau irin na Kalgo zuwa Jega, a riƙe gudun kilomita 70 zuwa 90 na kamar minti goma, a saki totur ta sassauta da kanta. Wani lokaci sai an maimaita. Sammakon yana da dalili: gwajin EVAP a motoci da dama ba ya tashi idan zafi ya haura maki 35, abin da ranar Afrilu a Kebbi ke wucewa tun hantsi.

Kada kuma a yi saurin sayen sabuwar matata. Salansa mai yoyo kusa da sensa, ko sensar baya da ta lalace, duk suna kawo P0420. Idan ma matatar ce ta mutu, galibi wani abu ne ya kashe ta: fulogi ko kwayil mai fashin wuta yana tura ɗanyen fetur ya narkar da ita, injin mai shan baƙin mai kuma yana toshe ta. Wasu motocin ma an fasa an kwashe cikin an sayar, saboda ƙarafa masu tsada da ke jiki.

Mai sayen mota a Kalgo ko Gwandu ya nemi a buɗe masa I/M Readiness kafin ya biya. In CAT bai nuna OK ba, a fita da motar kan titi tukuna.