Yadda Ake Gano Ƙimar Hannun Jari Ɗaya

Ribar da kamfani ya rubuta a littafi daban, kuɗin da ya rage masa a hannu daban. Masu ƙiyasta darajar kamfani na biyun suke bi, wato rarar tsabar kuɗin da masu hannun jari da masu bin bashi za su raba. Ita ake taƙaitawa da FCFF.

A ɗauka akwai kamfanin casar shinkafa da zai ci ribar naira miliyan 200 baɗi, kafin ruwan bashi. Harajin kashi 30 cikin ɗari zai bar 140. Sai a mayar da miliyan 30 na tsufan injuna, domin a takarda kawai aka cire su. A fitar da 50 na sababbin injuna da 20 na ƙarin shanshera da bashin da dillalai za su ci. Saura miliyan 100. A ce shekaru biyu masu biye za su kawo 120 da 144.

Amma kuɗin baɗi bai kai na yau ba. Idan masu jari da masu bashi, a haɗe, suna neman kashi 20 a shekara, wato WACC, sai a raba 100 da 1.2, 120 da 1.44, 144 kuma da 1.728. Jimilla miliyan 250.

Kamfanin ba zai rufe a shekara ta uku ba, don haka ake dunƙule sauran rayuwarsa a lissafi guda:

TV = FCFF × (1 + g) ÷ (WACC − g)

Idan bunƙasar dindindin, wato g, kashi 10 ce, za a sami miliyan 1,584. Wannan kuɗin ƙarshen shekara ta uku ne, dole shi ma a raba shi da 1.728, ya koma 917. Masu koyo sukan manta da wannan. Darajar kamfanin gaba ɗaya ta zama miliyan 1,167.

Nan ne nake son mai karatu ya yi hattara. Kusan kashi 79 na darajar daga wannan hasashe ɗaya ya fito. Bunƙasar da ta zarce ta tattalin arzikin ƙasa, har da hauhawar farashi, ba za ta ɗore ba, kuma duk sa'adda g ta matso kusa da WACC, lissafin kumbura yake yi.

Masu bin bashi su ne a gaba. A cire bashin miliyan 300, a ƙara tsabar miliyan 33 da ke ajiye a banki, masu hannun jari sun tsira da 900. Idan hannayen jarin miliyan 100 ne, kowanne ya tashi naira 9. Da an ɗaga g zuwa 12, ba tare da an ƙara casar ko buhu ɗaya a shekarun ukun ba, da ya koma naira 11.50. Saboda haka kafin ka saya, tambayi dillalin hannun jarin wace g ya sa.