Yadda muka raba takardar neman tallafi gida huɗu a Fau

Bayan faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023, 'yan gudun hijira sun zauna a makarantarmu da ke Fau har banɗakunan suka lalace. Kwamitin iyaye ya rubuta takardar neman tallafin gyara, kalma 2,000. Amma fom ɗin masu tallafin gida huɗu ne: taƙaitawa kalma 100, matsala 300, ayyuka 400, bayanin kuɗi 200. Wato dole rabin takardar ya tafi.

Ban fara da yanka ba. Sakin layi ɗaya-ɗaya na bi, ina rubuta masa lambar gidan da yake amsa tambayarsa. Tarihin makaranta da dogon yabon masu tallafi ba su samu gida ba, nan kalma 600 suka fita. Dattawa sun ɗan yi gunaguni. Sauran 400 ɗin maimaici ne, don an bayyana lalacewar banɗakunan har sau uku.

Taƙaitawa ita na rubuta a ƙarshe. Sannan na bi adadin banɗakuna gida-gida, domin in ayyuka sun ce shida, kuɗi suka ce takwas, to mai tantancewa zai ajiye takardar gefe.