Randa Ta Ninka Tsayi, Ruwa Nawa Za Ta Ci?



Duk wanda ya bi hanya daga Mai Wurno zuwa Sinnar ko Wad Madani zai ga randunan sabil a gindin bishiyoyi, waɗanda ake kira zir da Larabci. Wata ƙarama ce, wata babba. To ga tambaya. Akwai randa mai tsayin santimita 40 da ke cin jarka ɗaya mai lita 20. Aka gina wata mai siffa irin tata sak, amma ta ninka ta a tsayi da faɗi da kowane gefe. Jarka nawa za ta ci? Yawancin mutane za su ce biyu. Amsar ita ce takwas. Bari mu ga dalili.

Da farko mu rarrabe abu biyu. Akwai abin da muke kira hajamu a darasin lissafi, wato yawan wurin da abu ya cika, ko yawan ruwan da cikinsa zai ɗauka. Akwai kuma misahar jiki, wato faɗin bayan abu gaba ɗaya, inda hannu ke shafawa, inda iska ke bugawa. In abu ya ƙara girma, duka biyun suna ƙaruwa, amma ba da sauri ɗaya ba.

Randa tana da lanƙwasa, lissafinta na da wuya, don haka mu fara da abu mai sauƙi. Ka ɗebo laka a bakin kogi, ka yi ɗan tubali mai fuska shida daidai wa daida, tsayi da faɗi da kauri duk santimita 10. Hajamunsa 10 × 10 × 10, wato 1,000, kuma wannan shi ne lita ɗaya cif. Kowace fuska tasa 10 × 10 ce, wato 100, fuska shida kuwa 600.

Yanzu kana son babban tubali mai santimita 20 ta kowane gefe. In ka jera ƙanana biyu, tsayi kaɗai ka ninka. Sai ka ƙara biyu a gefensu kafin faɗi ya ninka, sun zama huɗu. Sai kuma ka ɗora wasu huɗu a kansu kafin kauri ya ninka. Ka ga takwas ke nan. Hajamu ya tashi daga lita 1 zuwa lita 8.

Misaha fa? Ƙananan tubala takwas suna da fuska 48 in an haɗa. Amma duba babban tubalin: kowane gefe nasa fuska huɗu ake gani, gefe shida kuwa 24. Sauran 24 ɗin sun manne da juna, sun ɓuya a ciki. Saboda haka misaha ta tashi daga 600 zuwa 2,400, ninki huɗu kawai.

Ga ƙa'idar. In an ninka kowane awo na abu sau k, misahar jikinsa za ta ninka sau k × k, hajamunsa kuma sau k × k × k. Ninki biyu yana ba da 4 da 8. Ninki uku yana ba da 9 da 27. Ninki goma yana ba da 100 da 1,000. Kuma ba tubali kaɗai ba, kowace siffa haka take, domin ana iya ɗaukar randa ko tulu kamar tarin 'yan mitsi-mitsin tubala, kowanne yana girma da ninki ɗaya.

Mu koma ga randarmu. Babbar mai santimita 80 tana cin 20 × 8, wato lita 160. Jikinta kuwa ninki huɗu ne na ƙaramar. Wannan yana bayyana mana abubuwa biyu da muke gani a gida.

Na farko, sanyin ruwa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda yana tsatsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, zafi ya tafi tare da shi. Aikin nan a jikin randa ake yin sa. Babbar tana da ruwa ninki takwas, amma jikin da zai sanyaya shi ninki huɗu ne, don haka kowace lita ta samu rabin abin da take samu a ƙaramar. Shi ya sa in aka cika su lokaci ɗaya, ƙaramar ke riga yin sanyi. Amma babbar tana da nata amfanin: in ruwanta ya kwana ya yi sanyi, zafin rana ba ya saurin canza shi, kuma kason da ke tsiyayewa bai kai na ƙaramar ba. Haka tukunyar tuwon walima take, ta daɗe ba ta tafasa ba, ta kuma daɗe ba ta huce ba.

Na biyu, nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka babbar randa tana ɗauke da kilo 160, ban da nauyin yumɓu. A ce maƙeri ya ninka ƙarfen da ake ɗora randa a kai, har da kaurin ƙafafunsa. Abin da ƙafa ke iya ɗauka yana bin faɗin bakinta in an yanke ta, wannan kuwa misaha ce, ninki huɗu. Nauyi ya ninka takwas, ƙarfi ya ninka huɗu, ke nan kayan sun yi wa ƙarfen nauyi ninki biyu fiye da da. Dole ƙafafun su fi haka kauri. Masanin nan na Italiya, Galileo, ya yi bayanin wannan a littafinsa na shekarar 1638, inda ya nuna dalilin da ya sa manyan dabbobi ke bukatar ƙashi mai kauri ƙwarai. Kwatanta ƙafar giwa da ta barewa.

To in ruwa ninki biyu kake so, yaya za a yi? Nemo lambar da in ka buga ta a kanta sau uku za ta ba da 2. Tana kusa da 1.26. Wato santimita 40 ta koma kamar 50. Gwada: 50 ÷ 40 = 1.25, sannan 1.25 × 1.25 × 1.25 ya kusa 1.95, wato lita 39. Ƙarin santimita goma kacal a tsayi, da ninka faɗi sau 1.25 shi ma, ya kusa ninka ruwan.

Sai dai a kula da sharaɗi: ƙa'idar tana aiki ne in dukkan awo sun ninka tare. In ka ɗauki durom ka ninka tsayinsa ka bar faɗinsa, ruwansa ninki biyu ne kawai. In ka ninka faɗin ka bar tsayin, ninki huɗu ne. Haka ma yumɓun ginin: in kaurin bangon randa ya ninka tare da sauran, yumɓu ninki takwas za ta ci, in kuwa an bar kaurin yadda yake, kusan ninki huɗu. Hanyar ganewa ba wuya. Auna tsayi, da faɗin ciki, da faɗin baki na randunan biyu, ka raba na babbar da na ƙaramar. In amsoshin uku sun zo ɗaya, siffarsu ɗaya ce, kana iya amfani da ƙa'idar. In sun saɓa, to, sai ka ɗauko jarka ka auna.

Ga aiki ga 'yan aji: tulu yana cin lita 4. Wani mai siffarsa ya ninka shi sau uku ta kowane gefe. Lita nawa zai ci, kuma jikinsa ya ninka sau nawa? A kawo amsa ga malamin lissafi bayan hutu.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.