Yadda oda ke nutsewa a wayar mai shago

WhatsApp ba ta san wanda ya biya kuɗi ba. Wanda ya yi magana a ƙarshe shi take ɗorawa a sama, ko da gaisuwar Juma'a ce ya turo ko hoton jaririn da aka raɗa wa suna. Ita kuwa matar da ta tura kafin alƙalami tun ranar Litinin, ta kama bakinta tana jiran kayanta, kullum hirarta ƙara gangarawa take yi, har ta ɓace a ƙarƙashin saƙonni hamsin. A shagon da ciniki ke shigowa ta waya, mai haƙuri ce ake fara mantawa da ita, mai yawan cewa "Hajiya, ina kayana?" kuma ita ake fara sallama.

Masu ƙananan shaguna a Kano, musamman mata masu sayar da atamfa da leshi da shadda, sun san wannan ciwo. Yawancinsu a Kantin Kwari suke saro kaya, su ɗauki hoto su ɗora a waya, masu saye su riƙa zaɓa daga Katsina, Kaduna, Gusau, har Maraɗi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutane da dama da ba su saba biya ta banki ba suka koma tura kuɗi ta waya. Wannan ya raba ciniki gida uku: magana tana WhatsApp, kuɗi suna banki, kaya suna shago ko suna hannun direba. A da duk ukun a kan kanta ɗaya suke haɗuwa cikin minti goma. Yanzu sai su ɗauki mako guda ba su haɗu ba, kuma a cikin wannan makon ne ake asarar kuɗi da mutunci.

A ɗauki misalin wata mai shagon atamfa da aka yi wa odar anko. Ranar Litinin da daddare wata mata daga Katsina ta ga zane a hoton da aka ɗora, ta turo saƙon murya: "Hajiya, wannan mai ruwan goron nake so, turmi goma sha biyu, bikin ƙanwata ne. Asabar ta sama nake son su iso." A ce turmi, wato yadi shida, yana kan naira 15,000. Jimla ta kama 180,000. Aka daidaita za ta fara ba da 100,000, cikon kuma sai kaya sun haɗu.

Abin da gogaggiyar mai shago take yi a wannan daren shi ne ginshiƙin aikin duka. Ba ta amsa murya da murya. Takan rubuta wa matar saƙo a fili, ta haɗa shi da hoton zanen: "Oda ta 47. Atamfa mai ruwan goro, wannan ta hoton, turmi 12, kowanne 15,000, jimla 180,000. Kafin alƙalami 100,000, saura 80,000. Kuɗin mota naki ne. Za a kai tasha Juma'a. Anti, in haka ne ki amsa min." Dalilin rubutun mai sauƙi ne. Ana iya neman kalma ko lamba a cikin rubutattun saƙonni, a buga 47 hirar ta fito nan take, amma babu mai iya neman "ruwan goro" a cikin murya sai ya zauna ya sake sauraron saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Sannan launi kansa rigima ne. Abin da wata ke kira ruwan goro, wata ruwan lemo take ce masa, shi ya sa hoton yake tafiya tare da rubutun.

Daga nan sai littafi. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta mai kauri, an ja masa layuka a tsaye: lambar oda, suna da gari, lambar waya, kaya, jimlar kuɗi, abin da aka biya, abin da ya saura, ranar alkawari. A ƙarshen kowane layi akwai wuri guda da ake rubutawa da fensir, domin shi ne ke canzawa, kuma tambaya ɗaya yake amsawa: me wannan oda take jira? Amsar ba ta wuce uku. Ko dai ana jiran kuɗi daga mai saye, ko ana jiran kaya daga kasuwa, ko kuma kaya sun tafi ana jiran labarin isarsu. Mai shagon da ta rubuta "ba a gama ba" kawai, ba ta faɗa wa kanta komai ba. Wadda ta rubuta "jiran kaya, saura turmi 4" ta san gobe da safe Kwari za ta nufa, ta kuma san abin da za ta je nema.

Haka ta kasance da oda ta 47. Turmi takwas ne a shago, huɗu sai an samo. Ranar Talata matar ta turo hoton rasit na 100,000.

Hoton rasit ba kuɗi ba ne, kuma saƙon da ke shigowa da sunan banki ma ana ƙirƙirar na bogi. Mai shago ba ta cike gurbin "an biya" sai ta buɗe asusunta da kanta, a manhajar banki ko ta lambar duba kuɗi, ta ga adadin ya ƙaru. Ko da kuɗin na gaske ne, akwai wata matsala da ta fi damfara yawan faruwa: sunan da ya turo kuɗi ba shi ne sunan mai oda ba. Mata da yawa ta asusun miji ko ƙane suke biya, wasu kuma wajen mai POS suke zuwa, sai kuɗin ya shigo da sunan da mai shago ba ta taɓa ji ba. Idan mutum biyu suka turo 100,000 a yini ɗaya, ba a san na wa ya shigo ba, na wa ya maƙale a hanya. Maganinsa shi ne a roƙi mai saye ta sa lambar odarta a wurin bayanin tura kuɗi, a kuma rubuta sunan da ya turo a gefen layin littafi tun a lokacin, kafin a manta.

Ranar Laraba sai ga wata muryar, tsakanin gaisuwa da hirar biki: ƙawayen amarya biyu sun shigo, a ƙara turmi biyu. Irin wannan ƙarin ne ya fi ɓacewa, domin mai shago ta saurare shi tana tsakiyar ciniki da wata, ta ce "to, ba damuwa," ta ajiye waya. Ran da kaya suka isa Katsina turmi goma sha biyu, mai biki tana da shaidar muryarta, mai shago kuma ba ta da abin cewa. Ƙa'idar ita ce duk canji a sake rubuta odar gaba ɗaya a ƙarƙashin tsohuwar lamba: turmi 14, jimla 210,000, an biya 100,000, saura 110,000. A littafi kuma a soke tsohon adadi da layi ɗaya yadda zai karantu, kada a goge shi. Abin da za a nemo a kasuwa ya tashi daga huɗu zuwa shida, kuma dole a tafi da ƙyallen zanen a hannu, don zane iri ɗaya yakan zo da ɗan bambancin launi daga dila zuwa dila, 'yan anko kuwa ba sa yafe wannan.

Wani zai ce ai wayar ma tana da wurin yin duk wannan. Da gaskiyarsa, amma da iyaka. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a Janairun 2018, ta zo da alamomi masu launi da ake liƙa wa hira, irin su New order, Pending payment, Paid da Order complete. Wadda ta saba da su za ta taɓa alama ɗaya ta ga duk waɗanda ba su cika kuɗi ba a jere, kuma wannan taimako ne babba. Sai dai alamar ba ta faɗin nawa ya saura, ba ta tuna ranar alkawari, kuma idan mace ɗaya tana da oda biyu, ɗaya an biya ɗaya ba a biya ba, hirarta za ta ɗauki alamomi biyu masu karo da juna. Ga shi kuma hirar ba ta hannun mai shago kaɗai. Mai saye tana iya gyara saƙonta cikin minti 15, ko ta goge shi daga ɓangarorin biyu cikin kusan kwana biyu. Tana iya kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90, ba ma da wata mugun nufi ba, sai odar ta tafi tare da gaisuwar. Ballantana a sace waya ko ta faɗa ruwa alhali ba a adana hirarrakin a Google Drive ba. Don haka alamomin abokan aikin littafi ne, littafin shi ne shaida.

Ranar Alhamis kaya suka haɗu, aka ɗauki hoton turamen goma sha huɗu a jere aka tura, cikon 110,000 ya shiga asusu, aka duba aka tabbatar. Juma'a da safe yaron shago ya kai ƙunshin tashar Ƙofar Ruwa, an rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarta da lambar oda a jikin buhu. Ya karɓo lambar direba da lambar mota, aka tura wa matar, aka kuma rubuta a littafi. Masu shago da yawa a nan suke rufe oda, kuma sun yi gaggawa. Mota tana lalacewa a hanya, direba yana iya barin kaya a ofishin tasha ya juyo, mai karɓa tana iya kashe waya tana gidan ƙunshi. Layi na 47 ya ci gaba da zama "jiran isa" har sai da matar ta rubuto da yamma cewa kaya sun zo, ta ƙirga sun cika. Sannan aka ja masa layi.

Akwai wani rukuni da ke cika littafi ba tare da ya kawo ko kwabo ba, wato 'yan "a ajiye min". Sau da yawa 'yan uwa ne ko ƙawaye, kunya ta hana a tambaye su kuɗi, kaya kuma su yi mako uku a ɓoye a ƙarƙashin kanta, masu kuɗi a hannu suna tambaya ana cewa ya ƙare. Bai kamata irin wannan ya samu lambar oda ba. Shafinsa daban yake a bayan littafi, da ranar da ajiyar za ta ƙare, kuma a faɗa wa mai ita tun farko cikin girmamawa: "Yaya, zan riƙe miki zuwa jibi da yamma, in ban ji ki ba zan fitar da shi."

Duk wannan tsari bai cin fiye da minti goma sha biyar a dare, bayan an rufe shago: a bi hirarrakin yini daga sama har zuwa na jiya, a shigar da sabuwar oda, a gwada kuɗin littafi da na asusu, sannan a karanta duk layin da ba a soke ba. Mai shagon da ke son sanin inda take, ta rufe wayarta yau ta gwada faɗin mutum nawa ke bin ta kaya da nawa take bin kowannensu. Idan sai ta buɗe WhatsApp kafin ta amsa, ta sayi littafi gobe, ta fara da lamba ɗaya.