Daga kashi 33 zuwa kashi 4: ina asalin alƙaluman rashin aiki?

A watan Maris na 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta ce rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. A watan Agustan 2023 kuma hukumar ta fitar da wani adadin: kashi 4.1 a watanni ukun farko na shekarar. Wanda ya ga lambobin nan biyu a jere a kan zane guda zai ɗauka an samar wa miliyoyin mutane aiki a ɗan tsakanin nan. Ba haka abin yake ba, ma'auni aka sauya.

A tsohon tsari, mutumin da bai kai awa 20 yana aiki a mako ba, ana sa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko da na awa ɗaya ne a makon da ya gabata, mai aiki ne. Ke nan matar da ke soya ƙosai awa biyu kowace safiya, awa 14 a mako, a da marar aiki ce, yanzu kuwa tana cikin ma'aikata, alhali ko kaskonta bai canja ba. Ana iya jayayya da wannan ma'auni, an kuma yi ta sosai, amma hukumar ba ta ɓoye shi ba. Yana nan a rubuce cikin rahoton, tare da bayanin cewa fiye da kashi 90 na masu aikin ba su cikin tsararren aiki irin na ofis ko kamfani.

Irin wannan bayani ne ke zubewa a hanya idan lamba ta bi ta hannun dillalai. Shafuka irin su Statista, Trading Economics da Macrotrends ba sa tura ma'aikata gida-gida su yi tambayoyi. Kwaso alƙaluman wasu suke yi su shirya su da zane mai kyau, kuma sau da yawa su ne ke fara bayyana idan aka yi bincike a waya. Suna da amfani wajen nuna hanya, sai dai ɗan jarida ko ɗalibi da ya tsaya a nan ya sayi kaya ne ba tare da ya ga mai su ba.

Abu na farko shi ne duba ƙasan zanen, inda aka rubuta Source. Idan an ce NBS, sai a nufi nigerianstat.gov.ng, a nemo rahoton da ake kira Nigeria Labour Force Survey a sashen eLibrary. Ƙarshen adireshin, .gov.ng, na hukumomin gwamnati ne, ba kowa ake ba shi ba. Rahoto na asali yana da alamominsa: zai faɗi lokacin da aka tattara bayanan, da yawan gidajen da aka shiga, da ma'anar kowane rukuni, kuma galibi ana ajiye jadawalin Excel a gefensa don mai son ya yi lissafi da kansa. Shafin da ya ba ka lamba tsirara, babu wata, babu sunan bincike, ko ya ce sai ka biya kafin ka ga majiyarsa, na biyu ne ko na uku a layi. A Nijar, takwarar NBS ita ce Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, a stat-niger.org.

Akwai wani tarko ko a manyan rumbuna. A data.worldbank.org, Bankin Duniya yana da jeri biyu na rashin aiki: ɗaya an rubuta masa national estimate, ɗayan modeled ILO estimate. Na farkon daga binciken ƙasar kanta yake. Na biyun ƙiyasi ne da aka haɗa da lissafi domin a cike shekarun da ba a yi bincike ba, a kuma iya kwatanta ƙasa da ƙasa. Shi ya sa za ka ga lamba a 2021, shekarar da NBS ba ta fitar da sabon binciken ƙwadago na shekarar ba. Shafin da ya kwafe jerin ya yar da waɗancan kalmomi uku, ya mai da ƙiyasi kamar ƙidaya.

Don haka mai rubuta labari ya ambaci hukuma, da sunan binciken, da zangon shekarar. Idan kuma zai kawo 33.3 da 4.1 a wuri guda, ya faɗa wa mai karatu cewa ɗaya da ma'aunin awa 20 aka samo ta, ɗayar da ma'aunin awa ɗaya.