Abin da ke hana tayoyin mota rigima a kan kwana

Idan mota ta sha kwana, tayar waje takan yi tafiya fiye da ta ciki. A ƙaramar mota, tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama kusan mita 1.5 ce. A ce ta karya kwana daga titi zuwa wani da ya gitta shi, tayar ciki tana mita 10 daga tsakiyar lanƙwasar, ta waje tana mita 11.5. Ta ciki za ta ci mita 15.7, ta waje kuwa kusan mita 18. Bambancin ya haura juyi guda cur na taya, kuma a lokaci ɗaya dole su gama. Da ƙarfe ɗaya ne ya ɗaure su, sai ɗaya ta riƙa jan ƙasa, taya ta cinye, motar ta ƙi bin sitiyari.

Maganin wannan shi ne difarenshal. A motar da ke ja da baya, yana cikin wannan ƙullutun da ke tsakiyar aksul. A mai ja da gaba kuwa yana tare da giyabos. Farfela tana juya ƙaramin giya, shi kuma ya juya wani babba mai ɗauke da akwati. Cikin akwatin akwai ƙananan giyoyi da haƙoransu suka cije da giyoyi biyu, na tayar hagu da na tayar dama.

A miƙaƙƙiyar hanya ƙananan nan ba sa juyawa a kan kansu, tura ɓangarorin biyu kawai suke yi tare. Da an shiga kwana tayar ciki ta rage gudu, sai su fara mirginawa, su miƙa wa ta waje daidai abin da ta ciki ta rage. A kwanar da muka lissafa, idan akwatin yana juyi 100 a minti, ta ciki tana 93, ta waje 107. Ba wanda ya taɓa wani maɓalli.

Sai dai adalcinsa ya yi yawa. Ƙarfin juyi daidai wa daida yake rabawa, don haka idan taya ɗaya ta faɗa caɓi da damina, sai ta yi ta juyawa a banza, ɗayar da ke kan tsandauri ta tsaya cik, domin ba ta samun ƙarfin da ya wuce na 'yar'uwarta. Ƙara taka totur ba ya fid da mota a nan, rami kawai yake haƙawa. Shi ya sa manyan motoci da yawa suke da makullin da ke haɗe tayoyin biyu, wanda dole a sake shi kafin a hau kwalta.

Ƙarar da ba ta fitowa sai a kwana takan nuna ƙananan giyoyin sun ci, ko da yake boris ɗin taya ma yakan yi haka. Kukan da ke ƙaruwa da gudu kuwa, a fara duba man giya. Sa tayoyi masu bambancin girma a aksul ɗaya yana sa giyoyin aiki ba hutu, ko a miƙaƙƙiyar hanya.